Ciwon fargaba: addu'a da aikinta, maganin asibiti da nashi

Jama'a masu saurarenmu, na ƙauye da na gari, da ƴan uwa da ke biɗa a Libiya, Aljeriya, Gana, Abijan ko Legas kuna karanta mu a salula, yau zancenmu a kan wani ciwo ne da ba ya kumbura, ba ya fidda jini, amma yana hana mutum kwana da cin abinci. Wasu su ce faɗuwar gaba, wasu zullumi, wasu fargaba. Tambayar da aka fi yi a kai ita ce: mai wannan ciwo wajen malam za a kai shi ko asibiti? Mu dai amsarmu ita ce ba sai an zaɓi ɗaya ba. Amma akwai wurare sanannu da hanyoyin biyu kan ci karo idan ba a lura ba, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Su za mu bi.

Tsoro kowa na da shi. Manomi da ya yi shuka ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyar, dole gabanshi ya faɗi, kuma ranar da hadari ya zubo hankalinshi ya kwanta. Wannan lafiya ce. Ana kiran abu ciwo idan tsoron ya fi ƙarfin dalilinshi, ya zauna kusan kullum har watanni, mutum ya kasa tsayar da tunanin ko ya so, kuma ya fara ɓata mashi aiki, kwana da zama da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutane wajen miliyan 301 ke da irin wannan ciwo, kusan mutum 4 cikin 100, mata sun fi maza yawa, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Cikinsu akwai masu sallar dare, akwai mahaddata. Don haka mai cewa "ƙarancin imani ne" ya yi a hankali da bakinshi.

Abin da ke faruwa cikin jiki kuwa, Allah ya halicce mu da wani shiri na gudun haɗari. Idan ka taka maciji cikin gona, nan take jiki ya saki wani sinadari da ake kira adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri, gumi ya keto, ciki ya murɗa. Ga mai ciwon fargaba, wannan shiri na tashi ba maciji. Kuma numfashin da ya yi sauri da yawa na jawo jiri, da jin kamar ƙiyashi na yawo a yatsu da leɓe. Mutum ya ji haka ya ce mutuwa ce ta zo, tsoro ya ƙaru, numfashi ya ƙara sauri. Irin wannan tashin yakan kai ƙarshen ƙarfinshi cikin minti goma ko kusa da haka, sannan ya fara sauka. Yana da ban tsoro ƙwarai, amma shi kanshi ba ya kisa.

Mu ɗauki misali

Ba wata mace ɗaya muke nufi ba, misali ne da kowane gari zai gane. Mace mai shekara talatin da ƴan kai, ɗiya huɗu, maigidanta ya tafi biɗa arewa. Wata biyu ba a ji muryarshi ba, daga baya ya kira, lafiya lau yake. Sai dai ita hankalinta bai koma ba. Wata bakwai ke nan tana farkawa tsakar dare gabanta na dukan uku-uku. Ran kasuwa abin ya taso mata cikin cunkoso har aka zaunar da ita aka yayyafa mata ruwa. Tun ranar ba ta koma kasuwa ba, ƙosan da take saidawa ya tsaya. Uwar mijinta ta ce iska ce, aka karɓo rubutu, aka yi ruƙiya sau biyu. Ta ɗan ji sanyi kwana uku, abu ya dawo.

Me ya sa muke cewa ta je asibiti ko da tana ci gaba da addu'a? Dalili na farko bai ma shafi ƙwaƙwalwa ba. Akwai cututtukan jiki da ke sa rigar fargaba su fito. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa ga matan da suka haihu kusa-kusa, na sa bugun zuciya da haki. Wani ƙullutu da ke gaban wuya, wurin da maƙoƙo ke fitowa, idan ya yi aiki fiye da ƙima yana kawo rawar hannu, rama, jin zafi da bugun zuciya. Ciwon zuciya, asma, da faɗuwar sukari ga mai shan maganin ciwon sukari, duk suna iya kama da fargaba. Malam komai iliminshi ba ya da abin awon tansiyo, ba ya awon jini. Majo zai duba ido da tafin hannu, ya auna tansiyo, ya saurari ƙirji, ya taɓa wuya, ya yi tambaya. Zai tambayi goro nawa ake ci, shayi zagaye nawa ake sha da dare, ko ana shan kofi ko taramol. Waɗannan tambayoyi ba neman tona asiri ba ne: goro, shayi da kofi suna da sinadarin da ke tada zuciya ya kore kwana, shi kuma taramol mai shan shi idan ya rasa, fargaba da gumi da rawar jiki ne ke fara kama shi.

Mu ce an duba baiwar Allah, jini ya ɗan yi ƙasa an ba ta maganin ƙarin jini, sauran lafiya lau, aka ce ciwon fargaba ne. Idan asibitin ƙauyen ba su da wanda ya san aikin, sai su rubuta mata takarda zuwa asibitin gunduma ko na jiha. Manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Mutane na gudun sashen wai na mahaukata ne, alhali da yawa cikin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su karɓi shawara su koma gona ko shago.

Ba kowa ake ba ƙwaya ba. Zama da ma'aikacin da ya koyi aikin, ana warware tunani ana koya ma mutum yadda zai tunkari abin da yake gudu, shi kanshi magani ne, kuma ga wasu ya isa. Amma mu ce ita an ga abin ya yi nauyi, aka rubuta mata fuluwoksetin, ƙwaya ɗaya kowace safiya.

Sati ukun farko

Nan ne ramin farko, kuma shi ya fi kowane cin mutane. Wannan magani ba kamar farasitamol ba ne da za ka sha da hantsi ciwon kai ya tafi kafin azahar. Yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, wani lokaci har sati shida. Abin da ya fi haka ma, cikin kwanakin farko wasu kan ji tashin zuciya, ciwon kai, ko fargabar ta ɗan ƙaru, shi ya sa lokotoro kan fara da kaɗan sannan ya ƙara. To ku duba halin da matar take ciki ran kwana na biyar. Magani bai yi komai ba tukuna, cikinta na juyawa, maƙwabciya ta leƙo ta ce: "Yaya, ba na gaya maki ba? Wannan ba ciwon asibiti ba ne." Idan ba wanda ya yi mata bayani tun farko, a ranar za ta tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa.

A nan addu'a da mutanen gida ke da babban aiki, aikin riƙe mutum har magani ya kama. Malamin da zai ce mata "ɗiyata, ki ci gaba da azkar ɗinki, ki kuma sha abin da likita ya ba ki, ki koma ran da ya ce," ya yi mata abin da majo ba zai iya ba, don maganarshi ta fi nauyi a kunnen uwar miji. Kuma yana da hujja. Malamai na kawo hadisai ingantattu da suka yi umurni da neman magani, da labarin mutumin da aka ce ya ɗaure raƙuminshi tukuna sannan ya dogara ga Allah. Akwai kuma wani malamin Musulunci, Abu Zaidin Albalki, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi kan gyaran jiki da na rai tare, har ya ware babi a kan tsoro da firgita. Cikin shawarwarinshi akwai cewa mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Haɗa biyun ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo.

Wannan shawara ta tanadi ita ce sirrin yadda ake amfani da zikiri da numfashi. Mutane kan jira sai abin ya taso sannan su fara neman addu'ar da za su karanta, alhali a lokacin kai ya riga ya ruɗe. Abin da ya fi shi ne a koya ma jiki tun ana lafiya. Bayan sallar asuba da bayan magariba, ta zauna kan tabarmarta minti biyar zuwa goma, hannu ɗaya kan ciki. Ta ja numfashi ta hanci a hankali har ciki ya taso, tana ƙirga huɗu, ta sake shi a hankali tana ƙirga shida. Fitar ta fi shigar tsawo, nan ne amfanin yake, don fitar numfashi a hankali na rage gudun zuciya. Idan ta saba, sai ta bar ƙirga, ta sa tasbihinta ko istigfari cikin zuci a wurin fitar, ƙwayar carbi ɗaya numfashi ɗaya. Minti ɗaya zai ɗauki numfashi shida ko kusa. Bayan sati biyu tana yi kullum, ran da abin ya taso mata a bakin rijiya jikinta ya riga ya san hanyar. Ƴan uwanmu Kirista su ma haka za su yi da addu'arsu.

Sai tunani. Mai fargaba ba rashin tunani ke damunshi ba, tunanin ne ya yi yawa yana zagaye wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke. Akwai wata dabara mai sauƙi da masu aikin ke koyarwa: a yanka ma damuwa lokacinta. Mu ce bayan la'asar, minti goma sha biyar. Idan tunani ya zo da hantsi tana daka, ta ce mashi sai la'asar. Lokacin ya yi, ta zauna ta raba damuwowin kashi biyu. Kashi na farko abin da hannunta zai iya taɓawa: hatsi ya kusa ƙarewa, to tiya nawa ta rage, wa za ta yi ma magana, yaushe. Kashi na biyu abin da ba ya hannunta: ko maigida na cikin haɗari a can, ko damina za ta yi kyau. Na farko a yi mashi shiri, na biyu a kai shi cikin sujada a miƙa ma Mai shi. A ganinmu tawakkali ke nan da aka yi shi da tsari, kuma ya fi a ce ma mutum "ki daina tunani", maganar da ba ta taɓa tsayar da tunanin kowa ba.

Inda ibada kan zama wani nauyin

Wannan sai a yi haƙuri da mu, don magana ce mai ɗan ɗaci. Wani lokaci ciwon kan shiga cikin ibadar kanta. Mutum ya sake alwala sau bakwai yana shakka, ya tada kabbara ya yanke ya sake, ya ji idan bai karanta abu kaza sau ɗari ba wani zai mutu. Malamai sun daɗe da sanin wannan, waswasi suke ce mashi, kuma shawararsu ita ce kada a biye mashi. Likitoci ma haka suke cewa. Yadda za a gane: ibadar da ke taimako, idan ka gama kana jin sauƙi ka tashi ka kama aikinka. Wadda ciwo ya kama, kullum ƙaruwa take, ba ta ƙarewa, kuma tsoro ke tura ka. Wanda ya ga haka ya faɗa ma likita da malam duka biyu.

Haka zancen kwana. Rashin kwana na hura wutar fargaba. Matar da ta yi wata bakwai ba ta samun kwanan kirki, idan aka ɗora mata wuridin da zai hana ta runtsawa daga tsakar dare har asuba, an ƙara mata ciwo da kyakkyawar niyya. Ta nemi malam ya sauƙaƙa mata, farilla da azkar na safe da maraice, nafila gwargwadon ƙarfi.

Rami na biyu na zuwa ne lokacin murna. Wata biyu, matar ta samu sauƙi, tana kwana, tana dariya. Sai a ce alhamdu lillahi, addu'a ta karɓu, maganin me kuma? Godiya ga Allah wajibi ce, amma ƙa'idar wannan magani ita ce a ci gaba da shi bayan an ji sauƙi, galibi wata shida zuwa shekara, sannan likita ya rage shi sannu-sannu. Wanda ya yanke tun da wuri, ciwon kan dawo bayan ƴan satuttuka, wasu magungunan kuma idan aka tsaida su farat ɗaya suna kawo jiri da rashin kwana. A nan sai mutanen gida su ce ai ga shi, maganin asibiti ba ya warkarwa, kwantar da ciwo kawai yake. Alhali ba a kai shi ƙarshe ba ne.

Azumi ma yakan sa wasu su ajiye magani wata guda cur. Ba sai an yi haka ba. Maganin da ake sha sau ɗaya a yini galibi ana iya maida shi sahur ko bayan shan ruwa, amma a tambayi wanda ya rubuta shi tun cikin Sha'aban. Masu shan amitiriftilin, wanda akan ba wasu idan akwai baƙin ciki mai nauyi tare da fargabar, dama da dare ake shan shi. Yana busar da baki yana sa kasala, kuma a ɓoye shi nesa da yara, don yawanshi na da haɗari ga zuciya. Wanda azumi zai ƙara ma ciwo, addini ya ba mara lafiya rangwame ya rama daga baya.

Wani abin da muke roƙo da babbar murya: kada a sayi maganin kwana wajen masu talla a tire ko a kasuwa. Diyazefam na kwantar da fargaba cikin ƙasa da awa ɗaya, shi ya sa mutane ke son shi, amma cikin ƴan satuttuka jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, kuma barin shi farat ɗaya bayan an daɗe na iya kawo har farfaɗiya. Jiƙo da garin magani na gargajiya kuma, duk abin da ake sha a faɗa ma majo, a kai mashi ya gani in da hali, don wasu na karo da maganin asibiti. Turaren hayaƙi ga mai asma haɗari ne. Duka ko ɗauri da sunan fidda iska kuwa, mai fargaba ba abin da zai ƙara mashi sai firgita.

Mu koma ga kasuwar da ta bari. Mutanen gida don tausayi sukan ce ta zauna, ƙanwarta za ta riƙa yi mata cefane. Kwana biyu ba laifi. Amma duk ran da ta guje ma kasuwa, ranta na ƙara yarda cewa kasuwa haɗari ce, gobe kuma gidan biki ne, jibi rijiya, har duniyarta ta koma ɗaki ɗaya. Taimakon gaske shi ne rakiya mataki-mataki. Satin farko ita da aminiyarta su je bakin kasuwa da sassafe kafin ta cika, su tsaya. Gabanta zai faɗi, dole. Aminiyar kada ta ce "mu koma gida", ta ce "Yaya, ina nan, ki saki numfashi a hankali, zai wuce." Su tsaya har bugun ya sauka da kanshi, sannan su tafi. An yi haka sau uku ko huɗu, sai a shiga rumfar farko a sayi gishiri. Sannan a zo lokacin da kasuwa ta cika. Sannan aminiyar ta tsaya nesa. Ƙarshe ta je ita kaɗai da tiren ƙosanta. Tarukan mata na sati-sati, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi a 1991, sun dace da wannan aiki: akwai fita daga gida, akwai fuskokin da aka sani, akwai bashin da za a sake tada sana'a da shi. Samari kuma suna da fada, sai dai mai fargaba ya bar ma abokai shayin dare.

Ku kuma da ke waje, kuɗin da kuke aikowa na da amfani, amma ku faɗi na mene ne. Idan an aiko jika goma aka ce "a yi mata magani" kawai, cikin sati za su tafi ga sadaka da rubutu da jiƙo, ran komawa asibiti babu kuɗin kabu-kabu. Ku ware: wannan na ƙwaya har wata uku, wannan na mota ran randebu, wannan na sadaka. Ku sa ranar kira tsayayya, ko Juma'a bayan masallaci, kuma idan za ku shiga inda ba a samun layi ku faɗa tun da wuri, don shirun da ba a san dalilinshi ba shi ne abincin wannan ciwo. Idan kun kira, kada ku tsaya ga "ya jiki?" don amsar kullum ita ce "da sauƙi". Ku tambaya: daren jiya kin yi kwana? Ƙwaya nawa ta rage? Yaushe majo ya ce ki koma?

Akwai kuma alamomin da ba a jiran randebu, ba a jiran gari ya waye a je wajen malam. Ciwon ƙirji mai danna kamar an ɗora dutse yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, musamman ga wanda ya manyanta ko mai tansiyo ko ciwon sukari. Suma. Haki da kumburin ƙafa. Mai jego da ta rikice tana maganar da ba a ganewa. Mutumin da ke jin muryoyi, ko ya yi kwanaki bai runtsa ba kuma bai gaji ba. Da wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko da cikin wasa ya faɗa, ko da ya fara shan magani ne kwanan nan. Wannan na ƙarshe a tambaye shi kai tsaye cikin taushi ko yana tunanin kashe kanshi, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Kada a yi mashi wa'azin wuta a lokacin, kada a bar shi shi kaɗai. A kwashe maganin ƙwari na gona, igiya da ƙwayoyin da ke ɗakin, a nemi abin hawa a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, wani babba na gida ya raka shi da karnen asibitinshi da duk abin da yake sha.